Idan Ajiyar Dare Ta Gaza, Wa Zai Sani?

A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniya na kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 na bayanai daga babban rumbun kamfanin bisa kuskure. GitLab dandali ne da masu rubuta manhaja daga ƙasashe daban-daban ke ajiye aikinsu a kai, don haka asarar ba ta kamfanin kaɗai ba ce. Injiniyan ya yi nufin share kwamfutar da ke riƙe da kwafi ne don ya sake cika ta, sai umarnin ya faɗa kan wadda ke riƙe da ainihin bayanan. Kafin ya ankara ya tsayar, aikin gama ya gama.

Irin wannan kuskure ba baƙo ba ne a sana'ar, kuma dominsa ake yin ajiya. Tsarin kamfanin shi ne duk awa 24 a kwafi rumbun gaba ɗaya a tura ma'ajiyar Amazon S3. Da aka je ɗaukowa, sai aka tarar wayam. Bincike ya nuna cewa manhajar da ke yin kwafin, wato `pg_dump`, samfurin 9.2 ce, alhali rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, kuma tsohuwar ba ta yarda ta kwafi sabon ba. Kullum sai ta tashi, ta gaza, ta koma.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, akwai alat. An tsara cewa duk lokacin da aikin ya gaza a aika imel, kuma ana aikawa. Sai dai saƙonnin ba su ɗauke da shaidar da akwatin masu karɓa ke nema a ƙarƙashin ƙa'idar DMARC ba, don haka aka riƙa ƙin karɓarsu tun daga bakin ƙofa. Babu wanda ya gansu, kuma rashin ganinsu ya sa kowa ya ɗauka lafiya lau. Abin da ya ceci kamfanin shi ne wani kwafi da injiniya ya ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin hatsarin, don wani gwaji na daban. Dandalin ya shafe kusan awa 18 a rufe, kuma abin da aka rubuta cikin awa shidan nan ya tafi: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000, da sababbin masu rajista kusan 700.

Kamfanin da kansa ya wallafa wannan bayani dalla-dalla. Darasin da ke ciki ya shafi duk wanda ke da rumbun bayanai, ko asibiti ne, ko makaranta, ko kantin sari: alat ɗin da ke jiran a ce masa "an gaza" bai wadatar ba. Wanda ake buƙata shi ne mai tashi idan bai ji an ce "an yi nasara" ba.

Abubuwa biyu da ake gadi

Rumbun bayanai yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira saba. Don gudun kada lalacewar kwamfuta ɗaya ta durƙusar da ma'aikata, ana yin tanadi iri biyu, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne kwafin kai-tsaye, wanda a kan allo za a ga an rubuta shi `replication`. Ana kafa saba ta biyu a matsayin ta ko-ta-kwana. Duk canjin da aka yi a babbar saba, ko sayar da kaya ne ko rajistar majinyaci, ana fara rubuta shi a wani kundi, wanda a PostgreSQL ake kira WAL. Babbar saba tana tura layukan kundin nan ga ta biyu ba ƙaƙƙautawa, ita kuma tana aiwatar da su a kan nata kwafin. Idan komai na tafiya daidai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai daƙiƙa guda ba. Ranar da babbar ta ƙone, sai a ɗora aiki a kan ta biyu.

Na biyu shi ne ajiyar dare, wadda 'yan sana'ar ke cewa bakof. Sau ɗaya a yini, galibi tsakar dare lokacin da babu cunkoso, ana kwafe rumbun zuwa fayil guda a kai shi wani wuri na daban a adana.

Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Idan ma'aikaci ya ba rumbun umarnin goge sunayen abokan ciniki bisa kuskure, sabar ko-ta-kwana za ta bi umarnin ita ma nan take, domin aikinta kenan: kwaikwayo. Ajiyar jiya da dare ce kaɗai za ta dawo da su. Idan kuma faifan babbar saba ya mutu da la'asar, ajiyar dare za ta mayar da ku ƙarfe biyun daren jiya, cinikin yini guda ya salwanta, sai dai in kwafin kai-tsaye yana raye.

Abin da ya haɗa su shi ne dukansu suna mutuwa a ɓoye. Idan shafin kamfani ya ƙi buɗewa, kafin minti biyar waya ta fara ƙara. Amma idan kwafi ya tsaya ko ajiya ta gaza, mai karɓar kuɗi zai ci gaba da buga rasit, manaja zai ci gaba da ganin rahoto, babu abin da zai canza a idon kowa har sai ranar da aka buƙace su.

Hanyoyi uku da alat ke yin gum

Hanyar da aka fi sabawa da ita mai sauƙi ce. A kan sabar Linux akwai wata manhaja mai suna `cron` da ke tayar da ayyuka a kan lokaci. Ana rubuta mata adireshi a layin `MAILTO`, duk abin da aikin ya furta sai ta aika wa wannan adireshi. Ko kuma a rubuta a ƙarshen umarnin ajiyar cewa in an samu kuskure a tura saƙo. Wannan yana aiki a mafi yawan ranaku, amma akwai hali uku da ba ya kamawa.

Na farko, aikin bai tashi ba sam. A ɗauka sabar tana cikin ofis, an ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare, batirin infata ya ƙare, janareto bai tashi ba sai da asuba. Ƙarfe biyu ta wuce kwamfuta na kashe, kuma `cron` na yau da kullum ba ya rama aikin da lokacinsa ya wuce. Babu ajiya, babu kuskure, babu saƙo.

Na biyu, aikin ya gaza amma ya ce ya yi nasara. Kowane umarni idan ya gama yana barin lamba: sifili na nufin lafiya, duk wata lamba kuma na nufin matsala. Mutane da yawa suna rubuta `pg_dump shago | gzip > ajiya.gz`, wato a kwafi rumbun a miƙa wa `gzip` ya matse shi. Matsalar ita ce lambar da ake dubawa ta umarnin ƙarshe ce. Idan `pg_dump` ya faɗi, `gzip` zai matse babu, ya samar da fayil mai bait 20 kacal, ya bar sifili. Da safe za a ga fayil da sunan ranar a inda ya saba zama, sai wanda ya duba girmansa ne zai gane fanko ne.

Na uku, an gaza, an aika saƙo, saƙon bai isa ba. Wannan shi ne abin da ya sami GitLab.

A duk ukun nan abin da ke isa ga ma'aikata ɗaya ne: shiru. Daren da komai ya tafi daidai ma shiru ne. Muddin lafiya da masifa suna da murya iri ɗaya, alat ɗin bai tsinana komai ba. Maganin shi ne a juya lissafin, kamar maigadin unguwa da ke busa usur duk bayan awa guda. Ba sai ya yi ihun ɓarawo ba; in lokaci ya yi ba a ji usur ba, masu gida sun san akwai dalili. A fannin kwamfuta haka ake yi: aikin yana aika alamar lafiya ga wani mai sa ido da ke zaune a waje, a kan wata kwamfuta dabam, kuma idan alamar ba ta zo a kan lokaci ba, mai sa idon ne ke aika imel.

Ajiyar dare, mataki-mataki

Mu ɗauki misalin kamfanin sarin magunguna mai rassa kaɗan, rumbunsa a kan PostgreSQL mai suna `shago`. Fayil ɗin ajiyarsa kan kai kimanin megabait 800, aikin kuma kan ɗauki minti 40. Akwai masu sa ido iri-iri. Za mu yi amfani da Healthchecks.io domin sauƙinsa, kuma manhajarsa a buɗe take, wanda ya so yana iya kafa ta a kan tasa sabar. Ana buɗe masa shafin aiki guda, sai ya ba da adireshi mai lamba ta musamman. Duk lokacin da aka taɓa adireshin nan, ya san aikin na raye. Ga rubutun umarnin:

```bash
#!/bin/bash
set -euo pipefail
U=https://hc-ping.com/LAMBAR-AJIYA
trap 'curl -fsS -m 10 $U/fail' ERR
F=/ajiya/shago-$(date +%F).dump
pg_dump -Fc shago > "$F"
pg_restore --list "$F" > /dev/null
[ "$(stat -c %s "$F")" -gt 500000000 ]
rclone copy "$F" waje:ajiya
curl -fsS -m 10 --retry 5 $U
```

Ko wanda bai taɓa rubuta umarni ba zai iya bin ma'anarsa. Layi na biyu yana cewa da zarar wani mataki ya gaza a tsaya nan, kada a wuce, kuma kalmar `pipefail` ita ce ke toshe ramin da muka gani a `gzip`. Layin `trap` yana cewa in an tsaya saboda kuskure, a sanar da mai sa ido nan take ta adireshin da ya ƙare da `/fail`, ba sai an jira wa'adi ya cika ba.

Daga nan sai matakai huɗu a jere. A kwafi rumbun. A sa `pg_restore` ya karanta jerin abubuwan da ke cikin fayil ɗin, don a tabbatar ba shirme aka rubuta ba. A auna girmansa: in bai wuce megabait 500 ba, a ɗauke shi a matsayin wanda ya gaza, domin rumbun da ya saba ba da 800 ba zai wayi gari da 30 ba sai da dalili. Sannan a tura shi wata ma'ajiya a wajen ginin, domin ajiyar da ke kan faifai ɗaya da rumbun tare za su mutu.

Layin ƙarshe shi ne alamar lafiya, kuma matsayinsa ne ke ba shi daraja. Ba a isa gare shi sai duk matakan da ke sama sun wuce lafiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa shi a farko, ko a ware masa nasa layin a `cron`. Wanda ya yi haka ya tabbatar wa kansa cewa kwamfuta na kunne ne kawai, bai san komai game da ajiyarsa ba.

Sai a ba `cron` lokaci:

```
0 2 * * * /usr/local/bin/ajiya.sh
```

Ma'anarsa ƙarfe 2 na dare kullum. A shafin mai sa ido kuma a rubuta wannan lokacin, a ba shi wa'adin haƙuri na minti 90. Tunda aikin minti 40 yake ɗauka, an bar masa sararin minti 50 saboda daren da intanet ke jan ƙafa. In ƙarfe 3:30 ta yi ba alama, imel ya tashi. Idan wa'adin ya yi gajarta za a riƙa tayar da mutane a banza. Idan ya yi tsawo kuma, sai an fara cinikin safe kafin a san babu ajiya.

A lura da agogo. Sabobin haya da yawa suna zuwa ne a kan agogon GMT, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da awa guda. Idan sabar tana kan GMT, mai sa ido kuma aka saita shi da agogon Legas, zai fara ƙirga wa'adinsa awa guda kafin aikin ya tashi, ya aiko da saƙon gazawa kowane dare alhali lafiya ƙalau. Umarnin `timedatectl` yana nuna agogon da sabar ke bi.

Wani abin lura: umarnin da ya yi aiki da hannu ba lallai ya yi a ƙarƙashin `cron` ba. Ita `cron` ba ta san duk wuraren da ake neman manhaja ba, kuma ba mai buga mata kalmar sirri. Shi ya sa ake rubuta cikakken adireshin kowace manhaja, a ajiye kalmar sirrin rumbun a fayil ɗin `.pgpass`, sannan a bar aikin ya tashi da kansa a gani kafin a ce an gama.

Kwafin kai-tsaye da tarkon layin da ya ɓace

A kan babbar saba akwai wani jadawali mai suna `pg_stat_replication`. Kowace sabar ko-ta-kwana da ke haɗe tana da layi ɗaya a ciki, mai nuna halin da take da kuma inda ta kai a kundin WAL. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya rubuta: in tazara ta wuce kaza, a aiko da saƙo. A nan tarkon yake. Wannan zai kama sabar da ke jan ƙafa, amma ba zai kama wadda ta yanke gaba ɗaya ba, domin idan ta yanke layinta ɓacewa yake yi daga jadawalin. Babu layi, babu tazarar da za ta wuce iyaka, babu saƙo. Mafi munin hali shi ne wanda alat ɗin ya fi yi wa shiru.

Masu amfani da MySQL suna da irin wannan ramin. Umarnin `SHOW REPLICA STATUS` yana nuna tazarar daƙiƙu a gurbin `Seconds_Behind_Source`, amma idan kwafin ya tsaya, ba babbar lamba gurbin ke nunawa ba, `NULL` yake nunawa, wato babu amsa. Duk lissafin da ke tambayar ko lambar ta fi 300 zai wuce ta kai ba tare da ya tanka ba.

Don haka a sauya tambayar. Maimakon a ce "akwai mara lafiya?", sai a ce "mai lafiyar tana nan?":

```bash
N=$(psql -Atc "select count(*) from pg_stat_replication
 where state = 'streaming'
 and pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), replay_lsn) < 104857600")
[ "$N" = "1" ] && curl -fsS -m 10 https://hc-ping.com/LAMBAR-KWAFI
```

Umarnin yana ƙirga sabobin da ke karɓar kundi a halin yanzu kuma tazararsu ba ta kai megabait 100 ba. Kamfaninmu ɗaya yake da ita, don haka amsar da ake nema 1 ce. In an samu 1, a aika alamar lafiya. In ta yanke, amsa sifili, babu alama. In tana nan amma an bar ta a baya, babu alama. In rumbun kansa ya ƙi amsawa, babu alama. Duk hanyoyin lalacewa sun taru sun zama abu ɗaya da mai sa ido ke iya gani.

Ana tayar da wannan duk minti ɗaya, a ba shi wa'adin haƙuri na minti 5. Wa'adin yana da amfani biyu. Layin intanet kan ɗan yanke na daƙiƙu ya dawo, kuma lokacin da ake loda kaya masu yawa tazara kan yi tsalle ta sauko da kanta. Babu dalilin damun kowa saboda waɗannan. Abin da ya jure minti biyar shi ne ya cancanci saƙo. Sannan asusun da ke yin tambayar yana buƙatar izinin `pg_monitor`, in ba haka ba PostgreSQL zai ɓoye masa guraben da yake nema, ya riƙa ƙirga sifili ko da komai lafiya.

Wasu sun fi son auna tazarar da lokaci, a kan sabar ko-ta-kwana, ta hanyar `pg_last_xact_replay_timestamp()`. Wannan yana faɗin lokacin canji na ƙarshe da ta aiwatar. Sai dai da tsakar dare, lokacin da babu wanda ke sayar da komai, babu canji, don haka tazarar za ta riƙa hawa kamar kwafin ya tsaya. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya sa babbar saba ta riƙa rubuta lokaci a wani ɗan jadawali duk minti, don kada kundin ya taɓa yin tsit.

Me ya sa ake gaggawa haka a kan kwafi, alhali ajiya ana ba ta awa ɗaya da rabi? Saboda babbar saba ba ta riƙe kundin WAL har abada. Tana share tsofaffin shafuka ta sake amfani da wurin. Idan ta ko-ta-kwana ta dawo da wuri, sai ta ɗora daga inda ta tsaya. Idan ta daɗe har aka share shafukan da take buƙata, dole a share ta a sake cika ta daga tushe da `pg_basebackup`. Wannan aikin ne injiniyan GitLab ke tsaka da yi, cikin dare, lokacin da hannunsa ya kuskure. Akwai tanadin da ake kira `replication slot` da ke tilasta wa babbar saba riƙe shafukan har sai an karɓa, amma shi ma da nasa haɗarin: idan kwafin ya tsaya ba a sani ba, shafukan za su yi ta taruwa har faifai ya cika, babbar saba ta tsaya cak. Duk wanda ya kunna shi ya ƙara alat na uku, mai tashi idan faifai ya kai kashi 80 cikin ɗari.

Hanyar da saƙon ke bi

Imel ba ya shiga akwatin mutum don kawai an aika shi. Masu karɓa irin su Gmail suna tambayar ko wane ne ya aiko, kuma amsar tana hannun abubuwa uku. SPF jerin sabobin da kamfani ya amince su aika saƙo da sunansa ne. DKIM sa hannu ne na lissafi da ake liƙa wa saƙon don a san ba jabu ba ne. DMARC kuma umarnin mai adireshi ne kan abin da za a yi da saƙon da ya kasa nuna shaida: a bar shi, a jefa shi cikin `Spam`, ko a ƙi shi baki ɗaya. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aiko masa saƙo ya kasance da SPF ko DKIM aƙalla.

Sabar rumbun bayanai yawanci ba ta cikin jerin SPF na kamfani, ba ta kuma da sa hannun DKIM. Bugu da ƙari, manyan kamfanonin hayar saba da dama suna toshe ƙofa ta 25, wadda sabobi ke aika wa juna imel ta cikinta, don daƙile masu tura saƙonnin banza. Saboda haka kada a bar sabar ta aika saƙo kai-tsaye. In dole ne ta aika, a sa mata ƙaramar manhaja irin `msmtp`, ta shiga asusun imel na kamfani ta ƙofa ta 587 da suna da kalmar sirri, kamar yadda wayar kowane ma'aikaci ke yi. Mai sa ido na waje yana rage wannan wahala, domin daga nasa gidan yake aikawa, kuma zai aika ko da ofishinku ba wuta ba intanet.

Wannan ma da iyakarsa. Idan intanet ɗin ofis ya yanke, alama ba za ta fita ba, saƙo zai zo ko da rumbun lafiyarsa lau. Ba ƙarya ya yi ba dai: a wannan lokacin ajiyar ma ba za ta iya fita daga ginin ba.

Wa za a aika wa, me za a ce masa?

Kada alat ya tafi adireshin mutum ɗaya. Mutum kan tafi hutu, kan yi rashin lafiya, kan ajiye aiki a rufe akwatinsa. A buɗe adireshin rukuni da ke raba saƙo ga aƙalla mutum uku. Amma rukuni ma da cutarsa: kowa ya gani, kowa ya ɗauka wani zai duba. Don haka kowane mako a san mai alhaki da sunansa, kuma ƙa'ida ta kasance wanda ya ɗauki matsalar ya amsa wa rukunin cewa tana hannunsa. Cikin gyare-gyaren da GitLab ya ɗauka bayan hatsarinsa har da naɗa wanda alhakin kare bayanai ke wuyansa.

Kan saƙon ya faɗi abin da ya faru da inda ya faru, ta yadda wanda ya duba waya da magagin barci zai gane. Sunan da aka ba aikin a shafin mai sa ido shi ke fitowa a kan saƙon, don haka "Ajiyar dare ta shago, saba ta 1" ya fi "aiki na 2" nesa ba kusa ba. A gurbin bayani a rubuta mataki na farko: inda kundin kurakurai yake, umarnin sake tayar da ajiyar da hannu, da wanda za a kira in abin ya gagara.

A kuma rage surutu. Wasu suna sa a aiko musu da saƙon nasara kowace safiya. Mako na farko ana karantawa, wata na biyu an daina buɗewa, kuma ranar da bai zo ba babu mai lura. Ƙirga saƙon da bai zo ba aikin na'ura ne. Akwatin alat ya kasance duk abin da ya faɗo cikinsa yana buƙatar wani ya tashi ya yi wani abu. Sannan a tuna cewa imel ba ya tayar da mai barci. Ga ajiyar dare ya isa, domin da safe ana iya maimaita ta. Ga kwafin da ya tsaya kuwa, gara a haɗa da saƙon tes ko kiran waya.

A lalata da gangan

Alat ɗin da ba a taɓa ganin ya tashi ba, zato ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi lokacin da ciniki ya lafa, a sanar da abokan aiki, a yi gwaji uku. A tsayar da PostgreSQL a kan sabar ko-ta-kwana, a duba agogo: cikin minti 6 ko 7 saƙo ya kamata ya shigo wayar kowa, sannan a kunna ta a ga saƙon dawowa. A sauya sunan rumbun a umarnin ajiya zuwa wanda babu shi, a tayar da shi, a ga saƙon gazawa ya zo nan take. A wani daren kuma a rufe layin `cron` ɗin, a yi ajiyar ranar da hannu tun da yamma, a ga ko da ƙarfe 3:30 saƙo zai zo. Kowane mutum a rukunin ya tabbatar da bakinsa cewa ya gani, kuma ba cikin `Spam` ya tsinto shi ba. A maimaita wannan duk bayan wata uku, da duk lokacin da aka sabunta rumbun ko aka sauya kamfanin imel, domin a irin waɗannan sauye-sauyen ne abubuwa ke ɓallewa.

Akwai abu ɗaya da duk alat ɗin nan ba zai iya faɗa ba: ko fayil ɗin zai dawo da rumbun ranar da aka neme shi. Duba jerin abin da ke ciki da auna girma suna kama fanko da gutsure, amma ba su karanta kowane layi ba. Hujja ɗaya ce tak: sau ɗaya a wata a ɗauko fayil daga ma'ajiyar waje, a zuba shi a wata kwamfuta ta gwaji, a duba ko cinikin jiya yana ciki, a kuma rubuta tsawon lokacin da aikin ya ɗauka.

Mai kamfani ko shugaban ma'aikata ba sai ya iya rubuta umarni ko ɗaya ba. Ya kira mai kula da kwamfutocinsa ya yi masa tambaya uku: in ajiyar daren yau ba ta tashi ba sam, wa zai sani, da ƙarfe nawa? Yaushe aka ga saƙon alat na ƙarshe da ido? Yaushe aka dawo da rumbun daga ajiya don gwaji? Duk tambayar da ba a amsa ta da suna ko da kwanan wata ba, a sa ranar gyara ta cikin makon nan.